Takalmin da Baba Ya Bari

Ranar Alhamis Sani ya sauka Damagaram, ana tsakar cin Kasuwar Dole. Motar Agadas ta ajiye shi bayan azahar, ya tsai da kabu-kabu ya ce a kai shi Birni. Shekara tara ke nan rabonsa da garin.

Tun suna Tanut ya riga ya san ba zai tarar da Baba ba. Ƙanwarsa Hadiza ta kira shi kwana uku kafin ranar, ta ce an riga an kai shi makwancinsa.

Da suka wuce fadar Sarki, ya ce wa mai babur ya tsaya, ya ƙarasa da ƙafa. Lungun bai sake ba. Warin jima ya tare shi tun daga zaure, sai ƙafafunsa suka yi sanyi.

A wannan zauren ya tashi. Nan Baba ya taɓa zaunar da shi yana ɗan shekara bakwai, ya damƙa masa basilla, ya koya masa yadda ake gane fatar akuyar da ta sha bagaruwa sosai. Nan kuma suka yi sa-in-sa daren da zai tafi. Ya ce wa Baba dukanci ba ya ci da kowa yanzu, takalmin roba ya riga ya cika kasuwa. Baba bai tanka ba. Ya dai ci gaba da ɗinkinsa. Kafin a kira asuba Sani ya riga ya kama hanyar tasha, ko sallama bai yi ba.

Inna na zaune bisa tabarma da carbi. Ya durƙusa.

"Inna, ina haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Ka iso, ɗan nan?"

Ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Bayan la'asar ta aiki Hadiza ɗaki ta ɗauko wani ƙunshi. Takalmi ne na jar fata. Ƙafar dama ta kammala, har da ado. Ta hagu an yanka ta, an huda, ba a ɗinka ba.

Inna ta ce tun da sanyin bara ya fara shi, lokacin idonsa ya riga ya soma dushewa. Wani tsohon takalmi da Sani ya bari ƙarƙashin gado ya ɗauka ya yi awo da shi. Sau biyu masu saye suka taya, ya hana.

Sani ya zura ƙafar dama. Ta matse shi kaɗan a yatsu.

Ya koma zaure, ya buɗe akwatin kayan aiki. Basillar na inda ya san ta. Ya daɗe yana neman bakin zaren, don hannunsa na rawa, sai Hadiza ta kawo fitila ta riƙe masa.