Gargaɗi Ga 'Yan Zaure: Kada Kowa Ya Karanta Wa Wani Lamba Shida Da Ta Shigo Wayarsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na wannan zauren WhatsApp na unguwa, don Allah a karanta wannan saƙo har ƙarshe, a kuma karanta wa wanda ba ya iya karatun boko.

Daga ranar Talata zuwa yau an ƙwace WhatsApp ɗin mutum uku a cikinmu, har da na ma'ajinmu. Wata baiwar Allah a layin masallaci ta tura naira dubu 45 tana zaton ma'aji ne ke neman rance, wani ɗan'uwa kuma ya tura dubu 20. Kuɗin nan har yanzu ba su dawo ba.

Ga yadda suke yi. Mutum zai kira ka da baƙuwar lamba, ya yi sallama cikin ladabi, ya ambaci sunanka da sunan zauren nan, da Hausarsa tas. Sai ya ce shugabanni sun shirya taro ta waya da ƙarfe takwas na dare kan rabon tallafi, kuma an turo maka lambar shiga taro, ka karanto masa ya sa sunanka. Kana duba wayarka kuwa sai ka ga saƙo ya shigo da lamba shida. Wannan lamba ba ta taro ba ce. Shi ne ya sa lambar wayarka a tasa wayar yana son buɗe WhatsApp da ita, kamfanin kuma ya turo maka lambar tabbatarwa. Kana karanta masa, naka ya rufe, nasa ya buɗe da sunanka. Ya ga duk zaurukan da kake ciki da lambobin mutanen cikinsu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya: "Ina asibiti da yaro, bankina ya ƙi tura kuɗi, taimaka min zuwa gobe da safe." Asusun da zai bayar kuma sunan wani ne daban, sai ya ce na mai kemis ne ko na mai POS.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da zumuncinmu suke cutar mu. Sun san idan Alhaji ya ce yana cikin matsi, babu mai tsayawa yi masa tambayoyi, kunya ba za ta bari ba. To a ajiye kunyar nan. Duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce, ko mahaifinka ne, kira layinsa kai tsaye ka ji muryarsa. Idan ya ce ba zai iya ɗauka ba, kira matarsa ko maƙwabcinsa. Kafin ka danna tura kuɗi kuma, dubi sunan da ya fito a asusun.

Shugabannin zaure ba mu shirya wani taro ta waya ba, kuma ba mu taɓa neman lambar sirri a wurin kowa ba. Taronmu a ƙofar gidan mai unguwa muke yin sa kamar kullum. Haka nan BVN, NIN, lambar katin ATM da lambar sirrinsa, kada a ba kowa ta waya, ko da ya ce daga banki yake.

Kowa ya yi wannan yau, minti biyu ne: a WhatsApp shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification, ka sa lambar sirri shida wadda kai kaɗai ka sani. Kada ta zama shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka. Ka leƙa Linked devices ma, in ka ga na'urar da ba ka sani ba ka cire ta.

Wanda aka riga aka ƙwace nasa, ya sake rajista da lambarsa nan take. Da zarar ka sa sabuwar lamba shida da za a turo maka, an fitar da ɓarawon. Idan ya riga ya sa tasa lambar sirrin, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. Ka kira ɗaya daga cikinmu mu cire lambar daga zaure har ta dawo hannunka, ka kuma sanar da dangi. Wanda ya tura kuɗi ya garzaya bankinsa da shaidar turawa, ya kai ƙara wurin 'yan sanda, kada ya bari ya kwana.

Ina roƙon kada a yi wa waɗanda abin ya shafa dariya ko gori. Ɗaya daga cikinsu kwana biyu ya yi shiru saboda kunya, a cikin kwanakin nan ne aka karɓe kuɗin mutane da sunansa. Allah Ya mayar musu da alheri.

Ranar Juma'a bayan sallar isha'i matasanmu za su zauna a ƙofar masallaci, iyaye maza su kawo wayoyinsu a saita musu. Iyaye mata kuma ranar Asabar bayan la'asar a makarantar Islamiyya, 'yan'uwansu mata ne za su taimaka musu. Kowa da hannunsa zai danna lambar sirrinsa.

Wassalam,
Sakataren zaure, a madadin shugabanni