Sashe na 4: Yadda za mu gudanar da aikin zanen hanyar, waɗanda za su yi shi, da abin da za mu miƙa

4.1 Yadda muka fahimci aikin

Abin da takardar neman tayinku ta nema shi ne cikakken zanen hanya mai tsawon kilomita 42, wadda yanzu jar ƙasa ce, a mayar da ita ta kwalta mai hannu biyu, tare da magudanan ruwa da gada ɗaya da takardun da za a ba ƴan kwangila su yi tayi a kai, duka cikin sati 24. Tawagarmu ta bi hanyar daga farko har ƙarshe kafin mu rubuta wannan, kuma gaskiya wurare uku ne za su ci mana lokaci: kasuwar da ke kilomita 11 inda rumfuna suka shigo har kan hanya, fadamar da ta taso daga kilomita 18 zuwa 23, sai rafin kilomita 27 da motoci ke ratsawa ta cikin ruwa. Akwai kuma wurin fasa dutse kusa da kilomita 35 wanda tifofi ke fitowa daga cikinsa da kaya niƙi-niƙi, takardarku ba ta ambace shi ba amma dole ya shiga lissafi.

Tsarinmu a taƙaice shi ne ba za mu zauna gaban kwamfuta mu fara zane ba sai mun san ruwan da zai bi ta hanyar da nauyin da zai hau kanta, don su biyun nan ne ke kashe hanya tun ba ta kai shekarunta ba. Shi ya sa za ku ga kaso mai yawa daga cikin sati 24 ɗin a fili za mu yi shi.

4.2 Safiyo

Sati biyun farko na tattara abin da ke ƙasa ne, tsofaffin taswirori, bayanan ruwan sama, hotunan tauraron ɗan adam, da zama da injiniyoyinku a daidaita ma'aunin da za a bi. Daga nan ƴan safiyo su shiga. Za su kafa turakun kankare bibbiyu a kowace kilomita 2, masu lamba, a ɗaure su da tsarin lambobin taswira na duniya, wato UTM a kan WGS84, saboda ɗan kwangilar da zai zo bayan shekara ɗaya ko biyu ya same su ya ɗora aikinsa a kai ba sai ya sake awo ba. Za a auna faɗin mita 30 kowane gefe daga tsakiyar hanya, ana yanka ta a kowace mita 25, a kwanoni da mahaɗa kuma a matso zuwa mita 10. Duk gida, rijiya, maƙabarta, falwaya, bututun ruwa da bishiyar da ke cikin wannan faɗin sai ta fito a taswira.

4.3 Ƙidayar motoci da awon nauyi

Za mu yi ƙidaya ta kwana 7 a jere a wurare uku, awa 12 kullum, biyu daga cikin kwanakin kuma awa 24 cur, kuma za mu tabbatar ranar kasuwa ta faɗo ciki. Amma ƙidaya kaɗai ba ta isa ba, ƙaramar mota dubu ba ta yi wa kwalta abin da tirela ɗaya mai lodi fiye da kima za ta yi. Ƙa'idar da aka samo daga gwajin hanya na AASHO, ƙungiyar hukumomin hanyoyin jihohi a Amurka, wanda aka yi daga 1958 zuwa 1960, ta nuna ɓarnar da gatarin mota ke yi tana tashi ne kusan da ƙarfin huɗu na nauyinsa, wato in nauyi ya ninka sau biyu ɓarnar ta ninka wajen sau 16. Don haka za mu kawo sikeli na tafi-da-gidanka mu auna manyan motoci na kwana 3 a kusa da wurin fasa dutsen, kowane hannu daban, tunda masu fita da kaya suke fita masu shiga kuwa wayam. Duk abin da aka samu za a mayar da shi zuwa gatari na ma'auni mai tan 8.16, a lissafa shi zuwa shekara 20. Hannun da ya fi nauyi shi zai yanke kaurin hanyar.

4.4 Gwajin ƙasa da kayan aiki

Rami mai zurfin mita 1.5 a kowace mita 500, ana sauya gefe, da gwajin DCP, wato buga sandar ƙarfe mai tsini cikin ƙasa a ga taurinta, a kowace mita 250 tsakaninsu. A fadama za mu matso da ramukan zuwa mita 200 saboda baƙar laka ce a wurin, irin mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, kuma muna zargin sai an kwashe ta ko a gauraya ta da farar ƙasa kafin a yi ciko, gwaji ne zai faɗa. A ɗakin gwaji za a yi tankaɗe, a duba danƙon ƙasar, a yi gwajin daddaɓewa, sannan CBR, gwajin da ke nuna ƙarfin ƙasar na ɗaukar nauyi, bayan an jiƙa samfurin kwana 4 a ruwa. Ba ma karɓar CBR na busasshiyar ƙasa a matsayin na zane ko da lambar ta yi kyau. A gindin gadar za a haƙa rijiyar gwaji huɗu, ana yin SPT, gwajin taurin ƙasa a cikin rijiyar, kowace mita 1.5 har a taɓa dutse ko ƙasa mai ɗaukar nauyi.

Wuraren ɗibar ƙasar ciko su ma za mu nemo su mu gwada mu kimanta yawan abin da ke ciki, a ƙalla guda ɗaya a kowace kilomita 10, don jigila mai nisa ita ce ke kumbura kuɗin kwangila daga baya ana ta neman ƙari.

4.5 Ruwa

Nan ne za mu fi daɗewa. Kowane kwari da ya ratsa hanyar za mu zana yankin da ke zubo masa ruwa mu auna faɗinsa. Ga ƙananan yankuna za mu yi amfani da wannan lissafin:

```
Q = 0.278 × C × I × A
```

inda Q yawan ruwan da ke kwarara ne a kubik mita cikin daƙiƙa ɗaya, A faɗin yankin a murabba'in kilomita, I ƙarfin ruwan sama a milimita cikin awa ɗaya, C kuma kason ruwan da ke gudu a saman ƙasa bai nutse ba. Wannan lissafi ba ya aiki ga babban yanki irin na rafin kilomita 27, can za mu gina samfurin kwararar ruwan a manhajar HEC-RAS. Kwalbatoci za a zana su su ɗauki ambaliyar da ake sa ran gani sau ɗaya a shekara 25, gadar kuma ta shekara 50, a sake gwada ta da ta shekara 100 a ga ko ruwa zai taɓa ƙasan benen gadar, a kuma lissafa zaizayar da zai yi a gindin ginshiƙai.

To amma lissafi ba ya tsayawa shi kaɗai, injiniyan ruwanmu zai zauna da dattawan ƙauyukan da ke bakin rafin su nuna masa inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yin ɓarna, ƴan safiyo su ɗauki tsayin wurin, in lissafinmu ya fito ƙasa da abin da mutane suka gani da idonsu to lissafin za a sake dubawa. Kuma ba za mu sa bututun kwalbati da ya gaza milimita 900 ba ko da lissafi ya yarda, saboda wanda mutum ba zai iya shiga ya yashe ba damina biyu ya toshe.

4.6 Zanen hanyar da kaurinta

Za a bi littafin tsarin shimfiɗar hanya na AASHTO, sunan ƙungiyar AASHO na yanzu, sai inda ƙa'idar hukumarku ta ce wani abu daban, nan taku ce a gaba. Gudun zane kilomita 80 a awa a fili, inda direba ke buƙatar hangen mita 130 kafin ya iya tsayawa, a cikin gari da kasuwa kuma 50, hange mita 65. Faɗin kwalta mita 7.3, kafaɗa mita 2 kowane gefe, gangaren gefe kashi 2.5 cikin 100. Zanen a manhajar Civil 3D za a yi shi. A kasuwar za mu kawo muku zaɓi biyu, a bi ta ciki da wurin tsayawar motoci da hanyar masu ƙafa da lambatu mai murfi, ko a zagaye ta baya, kowanne da kuɗinsa da yawan ginin da zai taɓa, ku ne za ku zaɓa.

Kaurin shimfiɗa za mu fitar da shi da littafin Overseas Road Note 31 na TRL, cibiyar binciken sufuri ta Birtaniya, wanda aka yi don ƙasashe masu zafi, mu auna shi da tsarin AASHTO na 1993. Shimfiɗar ƙasa CBR ɗinta kada ya gaza 30, ta sama da ke ƙarƙashin kwalta kuma 80.

4.7 Tawaga

Shugaban tawaga injiniyan hanya ne mai rajista da shekara 18 a aiki, shi za ku riƙa kira, shi ke sa hannu a komai, kuma zai kasance a aikin duka sati 24. A ƙarƙashinsa akwai injiniyan zanen hanya, injiniyan ƙasa da kwalta wanda zai tsaya a kan ramuka da kansa ba ya jira sakamako a ofis ba, injiniyan ruwa, injiniyan gada, da babban safiyo mai ƙungiya biyu. Mai lissafin kayan aiki zai shigo daga sati na 14. Jami'ar muhalli da al'umma ita ce za ta fara shiga ƙauyuka kafin kowa ya kafa turke, ta yi bayani, ta rubuta gonaki da gine-ginen da aikin zai shafa saboda maganar diyya. Akwai kuma mai binciken lafiyar hanya da mai duba zane, su biyun ba sa cikin waɗanda suka yi zanen, da gangan muka yi haka. Ba za mu canja ko mutum ɗaya daga cikin manyan nan ba sai da amincewarku a rubuce.

4.8 Abin da za mu miƙa

Rahoton farawa a ƙarshen sati na 2. Rahoton safiyo, na motoci, na ƙasa da na ruwa a sati na 11, haɗe da ɗanyen bayanan da aka ɗauko a fili. Zanen farko da zaɓuɓɓuka da ƙiyasin kuɗi a sati na 15, nan za mu tsaya sai kun zaɓi layi, mun ware muku sati 2 na dubawa, in ya wuce haka ranar gamawa za ta matsa daidai da kwanakin. Daftarin cikakken zane a sati na 21, ya ƙunshi taswirar hanya a sikeli 1:1000 a kwance da 1:100 a tsaye, yankan gefe, zanen kwalbatoci da gada har da jadawalin rodi, alamomin hanya, ƙa'idojin aiki, jerin kayan aiki da farashinsu, da rahoton muhalli. Na ƙarshe a sati na 24 bayan an shigar da gyaranku, kwafi biyar a takarda, da fayilolin DWG da PDF da Excel a buɗe yadda injiniyoyinku za su iya aiki da su. Kowane ƙarshen wata kuma za ku samu rahoton ci gaba na shafi biyu da zama ɗaya da shugaban tawaga.