Inna ta cika shekara 65

Yau 1 ga Janairu, ranar da katin Inna ya ce an haife ta. Ita kanta ba ta yarda da katin ba. Abin da Kaka ta riƙe shi ne an haife ta cikin sanyi, a shekarar da Kamaru ta samu 'yancin kai, wato 1960, lokacin da Garwa ke murna ɗanta Ahmadu Ahijo ya hau mulki. Da aka zo yin kati, ma'aikacin ya tambayi rana, ba wanda ya sani, sai ya rubuta ranar farko ta shekara ya wuce. Mu kuma muka riƙe ta.

Auta ya turo mana abin da ya tsara mu sa a ƙarƙashin hotonta: uwa ta gari, farin cikin rayuwarmu, babu kamarki a duniya. Duk gaskiya ne, Auta, Allah ya yi maka albarka. Sai dai in ka cire hoton Inna ka sa na uwar maƙwabta, rubutun zai zauna daram, ba wanda zai ce an yi kuskure. Shi ya sa na ce ku bar ni in faɗi abu biyu da na gani da idona.

Na farko a 1994 ne, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare. Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun san halin da aka shiga. A 1993 an yanke albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu, kuma Baba, Allah ya jiƙansa, masinja ne a ofis, dama can albashin ba ya kai ƙarshen wata. Sai ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ke zuwa daga waje ya tashi, magani, fulawa, littattafan lakwal. A shekarar ce man gyaɗan Inna ya tashi daga sana'ar rage zaman banza ya zama shi ke riƙe da gida.

Bayan sallar isha'i take fara aikin. Da rana an soya gyaɗa, an murje, an bushe, an kai inji. Da dare sai ta zauna gaban turmi a tsakar gidanmu na Yelwa, tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa har mai ya taso, ta kwashe, ta matse tunkuzar, ta mulmula ƙuli-ƙuli. Fitilar ƙwai ɗaya ce a gidan, don haka dole mu kawo tabarma kusa da ita mu yi karatu, ni da mai bi mini. Kayen da muke rubutu a ciki ita ta haɗa shi: ta bi tsofaffin na bara ta ciro duk shafin da ba a rubuta ba, ta ɗinke da zare da basilla, ta yi masa bango da takardar buhun siminti. Ƙamshin gyaɗa ya kama shi har mushe, wato malaminmu, yakan ce ko bai duba suna ba ya san kayen gidanmu.

Inna ba ta taɓa shiga ajin boko ba, allo ta yi. Faransancinta bai wuce gaisuwa ba. Amma ta saurari haddar lissafin sau da muke rerawa har waƙar ta zauna mata a kunne. Wani dare mai bi mini yana jin barci, ya kai gidan shida, ya yi tsalle ya faɗa gidan takwas, yana ganin wa zai gane. Ko juyowa ba ta yi ba, hannunta na cikin turmi ta ce, "Kai, ka tsallake gida ɗaya. Koma." Yau shi ne ke koyar da lissafi a Marwa, in ya musa ku tambaye shi gidan bakwai.

Ni kuwa abin da take sa ni shi ne in juya mata tambayoyin littafi zuwa Hausa. Irin tambayoyin nan ne na ɗan kasuwa ya sayi buhu kaza a kan kuɗi kaza, ya sayar a kan kaza, nawa ne ribarsa. Kafin in gama jera lambobi ta riga ta ba da amsa, amma da dala, sai in ninka sau biyar in samu sefa in gwada da tawa. Idan amsoshinmu suka saɓa, nan za mu zauna har a gano inda aka rabu. Bayan an daidaita kuma sai ta ce, "To amma wannan ɗan kasuwar na littafinku bai san kasuwa ba. Ina kuɗin dako? Ina na itace? Ina bashin da ba za a biya shi ba?" A ganinta duk ribar da ke cikin littafin nan ta bogi ce. Na girma na ga tana da gaskiya.

Da lokacin haɗa dosiyen jarrabawa ya zo, ga hoto, ga tambur, ga takardar haihuwa, ga kuɗin rajista, ba ta ce wa Baba komai ba. Ta ɗaga wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado ta juye a faifai. Tsaba ce zalla, ba takarda ko ɗaya, an ƙulla ta kashi-kashi a tsumma, kowane ƙulli jaka guda. Ashe tun farkon shekara duk kwalbar mai da ta sayar tana cire dala biyar ta jefa a ciki. Ta miƙa wa Baba ta ce, "Na waccan ne."

Waccan ni ce. Ni ce 'yar fari, don haka har yau Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko "ke", ko "waccan", ko in mutane na wurin ta ce "'yar gidan nan". Ba ta yabona a gaban kowa, ba ta zama kusa da ni a biki. Ƙannena ne 'ya'yanta a fili, ni kuwa kamar wadda aka ba ta riƙo. Ina yarinya abin yakan ɗan ci mini rai, ko da yake na san kunya ce irin ta iyayenmu. Wannan ya kawo ni ga abu na biyu.

A 2001 na ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, na samu gurbi a jami'a a Yawunde. Aka shirya zan sauka wurin ƙanin Baba a Birketiri, unguwar Hausawa. Ana gobe tafiya maƙwabta suka cika gida, kowa na tambaya wa zai raka ni Ngaundere in hau jirgin ƙasa. Inna ta ce ita dai ba ruwanta, uwa ba ta rakiyar 'yar fari, ai abin kunya ne. Da asuba na fito da akwati sai na tarar da ita ta yafa mayafi, riƙe da jarka wadda ba komai a ciki. Ta ce wa Baba zumar gida ta ƙare, kuma kowa ya san zumar Adamawa ta fi, za ta je Ngaundere ta saro. Baba ya dube ta, ya dubi jarkar, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A mota ba ta zauna kusa da ni ba, kujera biyu ta bari a tsakani. Tun daga gadar Binuwai har muka fara hawan dutsen nan mai kwana-kwana kafin a shiga Ngaundere, maganar da ta yi mini ɗaya ce: in sa rigar sanyi, nan ba Garwa ba ne.

A tashar jirgi ne na ga aikinta. Ta tsaya tana ƙare wa fasinjoji kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zaɓen gyaɗa a kasuwa, har idonta ya tsaya kan wata dattijuwa Bafulatana mai tulin kaya. Ta je ta durƙusa ta gaishe ta da Fulatanci, suka yi ta magana ƙasa-ƙasa. Abin da na jiyo kawai shi ne, "Ga 'yar mutane nan, ba ta taɓa tafiya ba. Amana ce." 'Yar mutane fa! Dattijuwar ta dube ni, ta dubi Inna, ta ga fuska ɗaya ce, ta yi murmushi ta ce ta karɓa. Matar nan ba ta bar ni na sauka a kowace tasha ba, ko da ta ga ina leƙen masu ayaba ta taga a Belabo. Da gari ya waye muka isa Yawunde, sai da ta damƙa hannuna a hannun ƙanin Baba sannan ta nemi nata 'yan tarbar.

Ban-kwana kuwa ba a yi ba. Da aka fara shiga jirgi da yamma Inna ta ce bari ta je ta nemi mai zuma kafin a tashi kasuwa, ta juya ta tafi. Sai cikin dare, na jawo zanen da ta sa mini a saman akwati in rufa, na ji bakinsa da tauri. Ta naɗe takardun jaka-jaka siriri ta ɗinke su a cikin kalmasa, da irin ɗinkin nan nata na kaye. Kuɗin nan ne suka riƙe ni har aka yi hutun farko. Daga baya Auta ya ba ni labari cewa ta kwana a Ngaundere wurin wata 'yar uwa, ta dawo washegari da jarkarta yadda ta tafi da ita, sai 'yar kwalbar zuma guda a ƙullin mayafi. Baba ya tambaye ta ina sarin, ta ce ta tarar zuma ta yi tsada.

Inna, na san jikarki ce za ta karanta miki wannan a waya, na kuma san za ki ce waccan ta cika surutu, ta tona ki a gaban duniya. Ki yi haƙuri, yau ɗaya ce. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana mai albarka, ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan, ya sa ki ga auren jikokinki, ya kai ki Makka ki ga ɗakinsa. Allah ya jiƙan Baba da Kaka, ya sa aljanna ce makomarsu.

'Yan uwa da ke Garwa, za a yi sauka da addu'a a gida bayan la'asar, kowa ya zo. Kada wanda ya kawo kek, likita ya hana ta sukari, kuma dama ba ta ci. Mai son yi mata alheri ya kawo atamfa ko turare. Waɗanda ke nesa ku kira ta bayan magariba a wayar Auta, tata tana ƙarƙashin filo a kashe, wai kada caji ya ƙare.