Rahoton Mai Bita na Biyu kan Maƙalar "Kalmomin Aro a Hausar 'Yan Kasuwar Garwa"

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta maƙalar sau biyu. Marubucin ya naɗi hirar 'yan kasuwa 24 a Garwa, ya tsamo kalmomi 310, ya ce Fulatanci ya fi Faransanci tasiri a bakinsu. Aikin ya burge ni, don Hausar Kamaru ba ta samu kulawar da ta Kano ko ta Damagaram ta samu ba. Hirar mahauta da ke shafi na 9 kuwa, kamar mutum yana tsaye a bakin teburinsu. Ina son a buga ta, amma da sauran gyara.

Manyan matsaloli

Na farko, kuma shi ne ƙashin bayan maƙalar: asalin kalmomin. Jadawali na 2 ya sa "kasuwa" da "alƙali" cikin aro daga Fulatanci. Ba haka ba ne. Bafulatanin Garwa "luumo" yake ce wa kasuwa. "Kasuwa" daga "kasugu" ta Barebari ta zo, tushenta Larabci, "alƙali" ma Balarabiya ce, kuma dukansu suna cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934. "Lamiɗo" aro ce ta gaskiya. Sai "lekkol", wato makaranta, wadda aka lissafa a Faransanci kai tsaye, alhali haka Fulanin yankin ke furta ta, Hausawan Nijar kuwa "lakwal" suke cewa. Mai yiwuwa ta bakin Fulani ta biyo. In haka ne, hujjar marubucin ma ƙarfi za ta ƙara. A bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, a sake lissafi.

Na biyu, ba a raba aro da sirki ba. Wanda ya tashi da harsuna biyu yakan jefa kalmar Fulatanci don mai sayen da ke gabansa Bafulatani ne. Wannan bai mai da ita Hausa ba. Da wane ma'auni aka tantance?

Na uku, duk mutum 24 ɗin maza ne, kuma ba a faɗi inda aka haife su ba. Haifaffen Garwa daban, wanda ya zo daga Yola ko Mubi shekaru biyar da suka wuce daban. Ko a ƙara mata, ko a rage faɗin iƙirarin.

Ƙananan gyare-gyare

A sa alamar karin sauti da tsawon wasali a misalan. Haruffa masu ƙugiya sun zube a shafi na 6 da na 11, har "ƙasa" ta koma "kasa". Jadawali na 3 ba shi da take. A kuma faɗi ko an nemi izinin mutanen kafin a naɗi muryarsu.

Shawara

A mayar wa marubucin ya yi babban gyara. Ba sai ya sake bincike daga tushe ba, mafi yawan abin da na nema yana cikin faifan da ke hannunsa. In ta dawo, a turo mini, zan sake dubawa cikin mako uku.

Wassalam.
Mai bita na biyu, Marwa