Nasihar Gwaggo da Inna ranar kai amarya

Gwaggo: To 'yar nan share hawayen ki saurare ni, aure ibada ne kuma ɗan haƙuri ne, yi nayi bari na bari. Uwar miji uwarki ce, da asuba ki je ki durƙusa ki gaishe ta ko da ta ɗaure fuska.

Inna: Ni maganata ɗaya wallahi, wayar nan. Kar miji ya dawo daga kasuwa ya tarar da ke kina latse-latse tuwo na ƙonewa, kuma sirrin ɗakinki kar ki kai wa ƙawa, in abu ya dame ki kira ni. Turaren wutan da na sa miki a akwati ba na ajiya bane fa.

Gwaggo: Tashi mu je Alhaji ya sa miki albarka, motoci na jira.