Takardar Tambayoyi ga Ƙananan Manoman Masara da Wake: Ingantaccen Iri da Sayen Kayan Noma, Daminar 2024

Ƙaramar Hukumar Tudun Wada, Jihar Kano

Ga mai tambaya: Ka fara gaida mai unguwa kafin ka shiga kowane gida. Wanda ke yanke shawara kan gonar shi za ka tambaya, ko da ba shi ne maigida ba. Macen da ke da gonarta, abokiyar aikinka ce za ta shiga ta tambaye ta. Rubuta amsa da ma'aunin da manomi ya faɗa, tiya ko buhu. Mayar da shi kilo aikinmu ne idan an dawo.

Abin da za ka faɗa da farko: "Salamu alaikum, Baba, sannunku da aiki. Mu ɗalibai ne, muna bincike kan irin shuka da taki. Ba rabon taki muka zo yi ba, ba kuma rajistar tallafi ba ce. Ba za a rubuta sunanku ba, tambayar da ba ku so kuma sai mu wuce ta. Kun amince?" In ya ce a'a, ka yi godiya ka tafi.

Kashi na ɗaya: Gida da gona

1. Shekara nawa kuka yi kuna noma da kanku?
2. Mutum nawa ke ci daga tukunyarku, nawa ne ke zuwa gona?
3. Gonaki nawa kuka noma a 2024? Kowacce ta gado ce, ko saye, haya, aro ko jingina?
4. Tiya nawa ta iri babbar gonarku ke ci? (Wannan ya fi tambayar eka, domin da yawa kintata za su yi.)

Kashi na biyu: Iri

5. Wace masara kuka shuka a babbar gonar? Rubuta sunan da ya kira ta da shi. Kada ka faɗa masa SAMMAZ 15 ko wani sunan iri na cibiyar binciken noma ta Samaru, sai in shi ya ambata.
6. Wane wake? (a) kanannado (b) ɗan ila (c) ɗan aikin gona (d) wani, rubuta sunansa
7. Daga ina irin ya fito? (a) rumbuna (b) maƙwabci ko ɗan'uwa (c) awo a kasuwa (d) dila mai shago (e) malamin gona na KNARDA, hukumar aikin gona ta Jihar Kano (f) kamfanin iri
8. A leda mai tambari ya zo, ko a kwano aka auna muku?
9. Wace shekara kuka sayi sabo na ƙarshe? Damina nawa kuka yi kuna tsamo iri daga amfaninsa?

Kula: 8 da 9 su ne ƙashin bayan binciken, kada ka yi musu gaggawa. Manomi zai ce maka "ɗan aikin gona nake shukawa", alhali shekara biyar ke nan yana ware zangarniya daga abin da ya girbe. In masarar mai aure ce, wato wadda aka samar ta hanyar haɗa iri biyu, ƙarfinta ya ragu tun shuka ta biyu, don haka ba za mu haɗa shi layi ɗaya da wanda ya buɗe sabuwar leda a 2024 ba. In ledar tana nan a ɗaki, roƙe shi ka gani, ka kwafi abin da ke jikinta.

10. Me ya ja hankalinku ga irin da kuke shukawa? Kada ka karanta zaɓin, saurara ka yi alama: saurin nuna, yawan amfani, jure wuta-wuta, jure fari, daɗin tuwo, harawa, farashi a kasuwa.
11. Ga wanda bai taɓa shuka ingantaccen iri ba, ko ya daina: me ya hana? Rubuta kalamansa yadda ya faɗa.
12. Kun taɓa sayen iri ya ƙi tsira, ko ya fito gauraye?

Kashi na uku: Taki da magani

13. Buhu nawa na kamfa, nawa na yuriya kuka zuba? In tiya-tiya kuka saya, tiya nawa?
14. Nawa kuka biya, a wane wata, a wace kasuwa?
15. Takin gida fa, mangala nawa ko amalanke nawa?
16. Kun yi feshin ciyawa? Na tsutsar masara? Wake sau nawa aka fesa?
17. Da wane kuɗi? (a) sayar da hatsi (b) sayar da dabba (c) adashi (d) bashin da ake biya da kaka (e) aike daga 'ya'ya (f) tallafin gwamnati
18. Akwai abin da kuka so saya bai samu ba? Kuɗi ne babu, kayan ne babu, ko sun iso a makare?
19. Buhu nawa na masara babbar gonar ta bayar? Wasu ba sa son faɗin abin da ke rumbunsu. In ya kauce, kada ka matsa.
20. Da za ku samu naira 50,000 kafin ruwan shuka, me za ku fara saya?

Rufewa: "Mun gode, Baba. Allah Ya ba da damina mai albarka." Kafin ka bar ƙofar gidan, duba ko ka tsallake wata lamba.