Takardar Aikin Lissafi: Gidajen Lamba Har Zuwa Dubbai

Aji huɗu na firamare, zangon karatu na ɗaya, mako na uku. A yi aikin cikin littafin lissafi, kada a yi rubutu a kan wannan takarda, domin 'yan aji huɗu B za su karɓe ta gobe.

Kafin a fara: ga malami ko wanda ke zama da yaro a gida

Makon jiya na ce wa yara su rubuta dubu uku da biyar. Wasu suka rubuta 35, wasu 305, mafi yawansu kuwa 30005. Da na tsaya a kan wata yarinya mai ƙoƙari na tambaye ta yadda aka yi, sai ta ɗora yatsa a kan 3000 ta ce, "Malam, ga dubu uku," ta matsa gaba ta ce, "ga biyar." Wallahi ba ta yi ganganci ba. Abin da kunnenta ya ji shi hannunta ya rubuta, ɗaya bayan ɗaya.

Matsalar tana cikin bakinmu ne. Idan muka ce dubu uku da ɗari huɗu da hamsin da shida, kowane gida an kira sunansa, yaro ya rubuta 3456 ba gardama. Amma a dubu uku da biyar baki ya tsallake gida biyu bai ce uffan ba, alhali dole hannu ya rubuta wani abu a wurin. Ga shi kuma tun aji ɗaya muke nanata musu cewa sifili ba komai ba ne, to yaro yana da hujja in ya yar da abin da aka ce masa ba komai ba ne. Kalmar ma daga Larabci muka aro ta, inda asalinta ke nufin abin da babu komai a cikinsa. Manyan mutane ma sun daɗe suna wannan fama: masu lissafin Babila sun yi ƙarnuka suna barin fili kawai a wurin, sai a shekarar 628 ne Brahmagupta na ƙasar Indiya ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifili. Don haka kada a daki yaro a kan 30005. A zauna da shi.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne kati huɗu masu tsawo daban-daban. A yanka kwali a rubuta 3000, a yanka ƙarami a rubuta 5, a ɗora ƙaramin a kan sifilin ƙarshe. Yaro zai gani da idonsa cewa biyar ɗin shiga gidanta take yi, ba ta tsayawa a waje.

Yara, ku karanta wannan sau biyu

Lamba mai dubbai gida huɗu gare ta. Daga hagu: dubbai, ɗaruruwa, gomomi, ɗaiɗai. Kowane gida lamba ɗaya tak yake ɗauka, kuma ba a barin gida a buɗe.

Kun san layin famfo da safe. Mutum ya ajiye jarka babu ko ɗigon ruwa a cikinta, amma tana tsare masa layi. Ka ɗauke ta, na baya duk su matso gaba, layi ya rikice. Haka sifili yake. A cikin 4007, sifilai biyun nan ne suka riƙe 4 a gidan dubbai. Ka cire su ya koma 47, kuma wanda ke bin ka naira 4007 ba zai karɓi 47 ya tafi ba.

Kafin ka rubuta kowace lamba, ja layi huɗu gajeru, ka tambayi kowane gida: nawa ne a cikinka? In babu, sa 0.

Kashi na ɗaya: a wane gida take?

Faɗi gidan da 6 take, da darajarta.
1. 6214
2. 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai
3. 3006
4. 7605

Kashi na biyu: rubuta da lambobi

5. Dubu biyu da ɗari uku da arba'in da ɗaya
6. Dubu biyar da ɗari biyu
7. Dubu ɗaya da ɗari tara da uku, shekarar da Turawa suka ci Kano
8. Dubu takwas da sittin
9. Dubu tara da tara
10. Dubu bakwai cif

Kashi na uku: rubuta da kalmomi

11. 1804
12. 4050
13. 4500
14. 4005

Ku duba 12, 13 da 14 da kyau. Lambobin da aka haɗa su da su iri ɗaya ne. Wace ce ta fi yawa, kuma me ya sa?

Kashi na huɗu: kuɗi a hannu

15. Inna ta sayar da ƙosai. Da ta kwance bakin zanenta ta sami takardar naira 1000 guda uku da takardar naira 10 guda huɗu, babu ta naira 100 ko ɗaya. Nawa ke nan? Wane gida ne babu kowa, ban da na ɗaiɗai?
16. Baba ya ba ka naira 2070 ka kai wa mai shago. Da takardun 1000, 100 da 10 kaɗai, guda nawa-nawa za ka ƙirga in kana son takardun su zama mafi ƙaranci?
17. Ga lambobi huɗu: 0, 0, 2, 9. Haɗa mafi girman lamba mai gida huɗu, sannan mafi ƙanƙanta. Ka tuna sifili ba ya zama a gaba.

Kashi na biyar: kai ne malami yau

18. An ce wa Audu ya rubuta dubu shida da ashirin, ya rubuta 600020. Gyara masa, ka faɗi gida nawa ya yi amfani da su.
19. Ladi ta rubuta dubu ɗaya da takwas haka: 18. Me ta yar?

Ga wanda ya gama da wuri

20. Gidan dubbai ma yana da maƙwabci a hagunsa. Idan aka ce dubu ashirin da biyar, 25,000 mutane suke nufi. To yaya za ka faɗi 20,005 yadda mai sauraro ba zai ruɗe ba?

Amsoshi (malami ya naɗe wannan sashe kafin rabawa)

1. dubbai, 6000. 2. gomomi, 60. 3. ɗaiɗai, 6. 4. ɗaruruwa, 600. 5. 2341. 6. 5200. 7. 1903. 8. 8060. 9. 9009. 10. 7000. 11. Dubu ɗaya da ɗari takwas da huɗu. 12. Dubu huɗu da hamsin. 13. Dubu huɗu da ɗari biyar. 14. Dubu huɗu da biyar; 4500 ta fi yawa domin 5 tana gidan ɗaruruwa. 15. Naira 3040, gidan ɗaruruwa. 16. Ta 1000 guda biyu, ta 10 guda bakwai, ba ta 100. 17. 9200 da 2009. 18. 6020, ya yi gida shida maimakon huɗu. 19. Sifilin ɗaruruwa da na gomomi, amsar ita ce 1008. 20. Dubu ashirin da guda biyar.

Duk yaron da ya ci ta 5 amma ya faɗi ta 8 da ta 9, a ajiye mini sunansa. Ranar Alhamis bayan tara za mu zauna da katunan kwali, kowa ya zo da fensirinsa.